Abin da kunnena ya ji a zaman makokin maigidana

A ƙauyenmu da ke ƙasar Gaya ba a zaunar da kowa a koya masa gaisuwar mutuwa. Yarinya tana bin uwarta gidan rasuwa, yaro yana bin ubansa, su ji abin da manya ke faɗa har ya zauna musu a baki. Kalmomin ba su da yawa. Ki yi sallama, ki durƙusa, ki ce, "Ya haƙuri?" A ce miki, "Da godiya." Ki ce, "Ashe lokaci ya yi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ya huta. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba ku haƙurin rashinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani." A ce, "Amin, Allah ya ba da lada." Shi ke nan an gama, kuma ban taɓa ganin wanda wannan gaisuwar ta ɓata wa rai ba. Sai da na zauna a tabarmar takaba na gane cewa duk abin da ke yi wa mai makoki ciwo yana zuwa ne a bayanta, lokacin da baƙuwa ta gama addu'a, shiru ya yi mata nauyi, ta ga ya kamata ta ƙara wani abu nata.

Maigidana maciji ne ajalinsa. Da kaka ne, ana ɗaurin gero, ya sa hannu ƙarƙashin tarin kara kububuwa ta sare shi. Ƙanensa da suke noma tare ya ɗauke shi a babur ya kai shi wajen mai maganin maciji a ƙauyen gaba, kamar yadda kowa ke yi a wajenmu tun kakanni. Aka ba shi na sha da na shafawa, ya dawo gida yana magana, har yana tambayar ko an kwashe dammunan. Dafin kububuwa kuwa haka yake, ba ya kayar da mutum nan take, jini yake hanawa daskarewa. Da muka ga hannun ya kumbura har kafaɗa, jini yana fita daga dasashinsa kuma wurin saran ya ƙi tsayawa, aka nemo mota aka tafi asibiti. Can Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da yara ƙanana, ya bar mahaifiyarsa, ya bar wannan ƙanen nasa.

Na faɗi yadda ya rasu ne a nan da yardar kaina, bayan shekaru sun wuce. A kwanakin makoki kuwa dole aka riƙa sa ni faɗa. Kusan duk ayarin matan da suka shigo, da an shafa addu'a sai wata ta matso ta ce, "Wai ni ya aka yi ne? Mun ji an ce maciji." Na san ba mugunta ba ce, so take ta nuna abin ya dame ta. Amma ita sau ɗaya ta tambaya, ni kuwa tun safe nake amsawa, kuma ba a ba da labarin nan sai an sake ganin komai: hannun, jinin, kallon da ya yi wa yara lokacin da ake sa shi a mota. Kafin la'asar muryata ta dushe, in na kwanta da dare labarin ya ci gaba da kansa a cikin kaina. Wadda take son sanin musabbabin rasuwa tana da maƙwabta, tana da waɗanda suka zo tare, tana da hanyar komawa gida. Idan mai makoki ta ɗauko zancen da kanta, to a saurare ta har ta gama, kada a katse ta, don akwai wadda faɗar ke rage mata nauyi. Idan ba ta ɗauko ba, a bar mata.

Wadda ta fi wannan zafi ita ce maganar "da". Da an ji labarin sai wata ta tafa hannu ta ce, "Ayya! Da asibiti aka wuce da shi kai tsaye, da yanzu yana nan." Maganar tana da gaskiya a cikinta, ba zan ɓoye ba. Saran kububuwa allurar kashe dafi yake so, kuma da wuri. Yau duk wanda na ji maciji ya sara a garinmu, ni ce ta farko da zan ce a bar komai a nufi asibiti, na sha faɗa a gidan suna da bakin rijiya. Amma wannan shawara ta masu rai ce, wurinta daban. A gidan makoki wanda za ta amfana ya riga ya kwanta, abin da ya rage kawai shi ne wanda za ta soka.

A gidanmu ƙanen mijina ta soka. Yana zaune a ƙofar gida cikin maza yana karɓar gaisuwa, can ma ana faɗa, in ya shigo kai kwanukan abinci ya ji mata suna faɗa. Yaron da ya goya yayansa a babur yana gudu don ya cece shi, shi aka bari da tunanin cewa shi ya kashe shi. Ya daina cin abinci, ya daina haɗa ido da ni. Ranar sadakar uku da daddare ya zo bakin ƙofar ɗakina ya tsuguna, bai shigo ba, ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Na ce, "Me ka yi mini, Ƙarami? Inda kowa ke kai nasa ka kai shi." Ya kifa kai yana kuka irin na manya, wanda ba ya fitar da sauti. Ya fi shekara kafin ya iya shiga gonar nan shi kaɗai.

Limamin garinmu ne ya tsayar da maganar a wajen maza. An ba ni labari wani ya sake cewa "da", sai Liman ya ce masa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wannan. Ya kawo hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa idan wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ne zai faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata, domin "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Daga nan maza suka kama bakinsu. A cikin gida babu wanda ya faɗa wa mata, sai aka ci gaba.

Daga "da" kuma ƙafa ɗaya ce zuwa zargi. Wata 'yar'uwata ta jini, wadda ba na shakkar ƙaunar da take yi mini, ta raɗa mini a kunne cewa macijin nan ba banza ba, turo shi aka yi, in dubi waɗanda suka yi rikicin iyakar gona da shi bara. A ganinta tana taya ni kishin mijina ne. Mutanen da take nufi kuwa suna zaune a ƙofar gida, su suka haƙa kabari, matansu ne ke dama kunun da ake ba baƙi. Mace a makon farko na rashin miji ba ta da ƙarfin tace magana, abin da aka zuba mata shi take ɗauka. Na yi kwanaki ina kallon bayin Allah nan da wani ido kafin zuciyata ta dawo daidai. Na san gidajen da irin wannan raɗar ta raba zumuncinsu har yau, 'ya'ya sun tashi ba sa gaisawa, ba su ma san mafarin ba.

Sai maganar kuka. Wannan ita ce aka fi faɗa mini, kuma tsofaffi masu tausayi ne ke faɗarta: "Haba 'yar nan, daina kuka, wuta kike ƙara masa. Addu'a yake so." Rabin maganar daidai ne, addu'a yake so. Amma a ce wa macen da mijinta bai kwana biyu a ƙasa ba hawayenta azaba ne a kansa, an haɗa mata baƙin ciki da tsoro ke nan. Na riƙa danne kukan har ƙirjina yana ciwo, in ya ƙwace mini in shiga istigfari ina ganin na cuce shi.

Malamar Islamiyyarmu ce ta warware mini, kuma yadda ta yi gaisuwarta ya isa a koya. Ta zo da hantsi lokacin da mutane suka ɗan ragu, ta zauna kusa da ni a tabarma, ba a kujera ba. Ta yi addu'ar da kowa ke yi. Da ta ga ina ƙoƙarin haɗiye hawaye sai ta dafa gwiwata ta ce, "Bar shi ya zubo." Ta ce Annabi ya yi hawaye ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ta ce ranar da ya je duba Sa'adu ɗan Ubada ma ya yi kuka, ya gaya wa sahabbai cewa Allah ba ya azabtarwa saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, ya nuna harshensa ya ce da wannan ne yake azabtarwa ko ya yi rahama. Abin da aka hana, in ji ta, shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufa da maganganun da ke nuna ba a yarda da hukuncin Allah ba. Sannan ta koya mini addu'ar da Ummu Salama ta yi da mijinta Abu Salama ya rasu: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allahumma'jurni fi musibati, wa akhlif li khairan minha." Wato Allah ya ba ni lada a kan wannan musiba, ya musanya mini da abin da ya fi ta alheri. Ta maimaita mini har na riƙe, ta tashi ta tafi. Ba ta daɗe ba, ba ta kuma tambaye ni komai ba.

Na lura ba ta kai ni ƙarshen labarin Ummu Salama ba, cewa daga baya Annabi ne ya aure ta, ko da yake ta fi ni saninsa. Ta san ba lokacinsa ba ne. Wasu kuwa da wannan suke farawa: "Ke yarinya ce, kina gama takaba za ki samu wani, wataƙila ma wanda ya fi shi." Wata har ta ce ai ga ƙanensa nan, gida bai ƙoshi ba. Suna so su nuna mini rayuwata ba ta ƙare ba, na gane. Amma rigarsa tana rataye a ƙusa, takalmansa suna bakin ƙofa, kuma ɗiyata babba tana zaune a gefena tana jin ana lissafin wanda zai maye gurbin ubanta. Allah da kansa ya ba matar mamaci wata 4 da kwana 10, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, ayar da ke biye da ita kuma ta hana a ƙulla aure kafin wa'adin ya cika. Wanda ya halicce mu bai gaggauta mu ba. Irin wannan ce ake yi wa wadda ta rasa jariri, a ce mata, "Allah zai ba ki wani." Ita wannan ɗin take kuka. Gara a tsaya a kan abin da iyayenmu suka saba faɗa, "Allah ya sa mai ceto ne," don yana ba yaron matsayinsa, bai mai da shi abin da ake musanyawa ba.

Haka nan a kula da abin da ake faɗa a gaban marayu. Mace ta shigo ta ga yara ta kama haɓa ta ce, "Wayyo, wa zai riƙe waɗannan?" Tausayi ne, amma yaro ɗan shekara bakwai yana jin Hausa. Ɗana ya tambaye ni da dare ko rarraba su za a yi. "Allah ya raya su, ya yi musu albarka" ta wadatar, a shafa kansu, in da ɗan abu a hannu a ba su.

Akwai kuma wadda aka kusa mantawa da ita a gidanmu, surukata. Maigidana ɗanta ne na fari, tun yana raye ba ta kiran sunansa saboda alkunya, da ya rasu ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, fuskarta a bushe. Sai baƙi suka riƙa yi mata gaisuwa a tsaitsaye su wuce wajena, wasu ma suna cewa, "Inna kam akwai tawakkali, ko a jikinta." Ni da nake jin motsinta da tsakar dare na san abin da ke jikinta. Wanda ya shiga gidan rasuwa ya nemi uwa ya durƙusa mata sosai, ko da bai ga hawaye ba. Kada ya yaba mata rashin kuka, kada kuma ya matsa sai ta yi magana a kan ɗan, don al'ada ta ɗaure mata baki. Wata tsohuwa sa'arta ta san yadda ake yi. Ta zauna kusa da ita ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Allah ya haɗa ku a inda ba a rabuwa." Inna ta ce amin, ta ja mayafi ta rufe fuska, tsohuwar ta zauna tare da ita har azahar ba ta ƙara ko kalma ba.

In ana son a ƙara wani abu a kan addu'a, abin da na ga yana sanyaya zuciya shi ne shaida. Ba yabon da ake yi wa kowa ba, "mutumin kirki ne, ba ruwansa," wannan ana faɗarsa ko a kan wa. Abu guda da mamacin ya yi, wanda mai faɗa ya gani da idonsa. Maigidana yana kai awaki kasuwar Wudil ranar Juma'a. Bayan sadakar bakwai wani dattijo da ban taɓa gani ba ya zo daga can, ya yi gaisuwa a wajen maza, sannan ya nemi a yi masa iso. Ya tsaya a zaure, ni ina daga ciki, ƙanen mijina yana tsakaninmu. Ya ce, "Baiwar Allah, ya ƙarin haƙuri? Ban ji ba sai shekaranjiya. Na zo ne da abu biyu. Na farko, akwai ranar da aka yanke mini aljihu a kasuwa, ban san mijinki ba sai gaisuwa, ya biya mini kuɗin mota ya saya mini abinci, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Na biyu, yana bina kuɗin akuya, ga su." Ya ƙirga a gaban shaidu ya miƙa wa ƙanen, ya yi addu'a ya juya. Ban san da labarin ba, ban san da bashin ba. Labarin nan shi nake ba yarana har yau idan sun tambayi wane irin mutum ne babansu.

Dattijon ya kuma nuna yadda ake maganar kuɗi a gidan rasuwa. A wajen jana'iza an saba sanarwa cewa duk mai bin mamaci bashi, ko wanda mamacin ke bi, ya ga wane, a ambaci wa ko ƙane ko baffa. Wannan wakilin shi ake nema, a keɓe, don bashin mamaci abu ne da ake gaggauta saukewa, ba abin kunya ba ne a faɗa. Abin da bai dace ba shi ne a aiko mace ta shigo da sunan gaisuwa, ta gama "Allah ya jiƙansa" ta ɗora da "dama akwai ɗan kuɗin taki," a kunnen mai takaba, a gaban jama'a. An yi mini, na rasa inda zan sa fuskata.

Game da taimako kuma, kusan kowa yana cewa, "In akwai abin da ake bukata a yi magana." Ba wadda za ta yi magana. Mai takaba ba ta yawon gidaje, kunya kuma ba za ta bar ta ta aika a ce gero ya ƙare ba. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina bayan yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi bai ce a tambayi iyalinsa abin da suke so ba, cewa ya yi a yi musu abinci domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Maƙwabciyata haka ta yi. Ta ce, "Tuwon dare na wajena har arba'in, kada ki hura wuta." Abokan maigidana suka aiko cewa ranar Asabar za su yi gayya su kwashe sauran amfanin gona su zuba a rumbu, kuma suka zo. Wani ya ce ɗansa zai riƙa kawo kurar ruwa duk safiya. Wanda zai taimaka ya faɗi abin da zai yi da ranar da zai yi shi, yadda mai makoki ba abin da ya rage mata sai ta ce Allah ya saka.

Kwanakin farko gida cike yake, har ba ka samun wurin shimfiɗa sallaya. Bayan bakwai dangin nesa su watse, a naɗe tabarmin ƙofar gida, kowa ya koma gonarsa, a lokacin ne rashin ke sauka sosai, ga kuma watanni a gaba. Masu leƙowa a wannan tsakanin kaɗan ne, kuma wasunsu suna tsoron ambaton mamacin wai kada su tayar mini da mikin, sai su yi ta hirar tsadar masara. Ni kuwa ban manta ba balle a tuna mini, so nake in ji wani ma bai manta ba. Goggon maigidana takan zo duk bayan 'yan kwanaki da saƙar faifanta, ta ce, "Ya ƙarin haƙuri, 'yata? Kina samun barci? Yaran suna zuwa makarantar allo?" Tambayoyin da ke da amsa take yi, in na ce ba na barci ta kwana a ɗakina. Wani lokaci ta ba yara labarin ƙuruciyar babansu, yadda ya taɓa faɗowa daga kan jaki ya ƙi yin kuka, su yi ta dariya. Haka ta riƙa zuwa har na fita takaba, kuma ita ce ta sa ƙanen mijina ya dawo cin tuwo a gidan tare da yaran.